Saura mako ɗaya jarrabawar difarenshal ikweshan: Yadda ɗalibi zai kasa lokacinsa

Ɗalibin jami'a da yake haɗa karatu da aikin ofis ko tsaron shago ba kasafai yake samun fiye da awa biyu na nutsuwa a rana ba. Idan saura mako ɗaya jarrabawa, abin da ke hannunsa awa 14 ne kacal. Wannan lokaci ba zai isa a karance littafin darasin difarenshal ikweshan ba, amma zai isa a ƙware a kan abubuwa biyu da makin jarrabawar ya rataya a kansu: gane nau'in tambaya da kallo ɗaya, da kuma gwada amsa kafin a miƙa takarda.

Difarenshal ikweshan lissafi ne da ake ba mutum yadda abu yake sauyawa, a nemi ya gano abin kansa. Shi ya sa amsarsa ba lamba ɗaya ba ce, ƙa'ida ce sukutum, kamar y = x² + 2/x². Tambayoyin matakin farko nau'o'i ne 'yan kaɗan, kowanne da hanyarsa. Wanda ya ɗauki hanyar da ba ta dace ba tun a layin farko zai cika shafi guda da lissafi ba tare da ya isa ko'ina ba.

Ranar farko ta tantancewa ce. Ɗalibi ya nemo takardun jarrabawar shekarun baya na sashensa, ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya warware ko guda ba, yana rubuta nau'in kowacce a gefenta. Cikin awa ɗaya zai ga nau'in da malaminsa ya fi maimaitawa. Awa ta biyu kuma ya ba integireshan, domin kusan kowace tambayar mataki na ɗaya da shi take ƙarewa. Idan bai iya rubuta integireshan na 1/x da na e^(2x) da na x·e^x da ka ba, to nan ne rauninsa yake, kuma gara ya gano shi a ranar farko.

Rana ta biyu ta nau'o'i biyu ce. Na farko shi ne wanda ake iya rabawa, a tara duk y a gefe ɗaya, duk x a ɗaya gefen. Na biyu shi ne liniya, mai siffar dy/dx + P(x)y = Q(x). Ga misali da ya kamata ɗalibi ya bi da alƙalaminsa: x·dy/dx + 2y = 4x², tare da sharaɗin cewa y = 3 a lokacin da x = 1.

Matakin farko shi ne a raba ko'ina da x domin dy/dx ta tsaya ita kaɗai. Hakan zai ba da dy/dx + (2/x)y = 4x, wato P ita ce 2/x. Daga nan sai a nemi abin da za a ninka ikweshan ɗin da shi, wanda ake kira intagiretin fakta. Integireshan na 2/x shi ne 2·ln x, kuma e^(2·ln x) daidai yake da x². Da zarar an ninka ko'ina da x², gefen hagu zai dunƙule ya zama d/dx(x²y), gefen dama kuma ya zama 4x³. Integireshan zai ba da x²y = x⁴ + C, sai a raba da x² a samu y = x² + C/x². Sharaɗin da aka bayar ya ce 3 = 1 + C, saboda haka C = 2.

Wurare biyu ne aka fi tuntuɓe a nan. Wanda ya manta bai raba da x ba tun farko zai ɗauka P ita ce 2, ya samu e^(2x), gefen hagu kuma ya ƙi dunƙulewa. Wanda kuma ya jinkirta rubuta C har sai da ya gama rabawa zai samu y = x² + 2, amsar da ta cika sharaɗin amma ba daidai ba ce. Gwaji ne yake tona ta. Idan aka mayar da ita cikin tambayar, gefen hagu zai ba da 4x² + 4, alhali 4x² ake nema. Amsar gaskiya kuwa tana ba da 2x² − 4/x² da 2x² + 4/x², waɗanda jimillarsu 4x² ce cif. Wannan gwaji bai wuce minti biyu ba, kuma ya kamata ya zama ƙarshen kowace tambaya a tsawon makon.

Rana ta uku ta ragowar nau'o'in mataki na ɗaya ce, kamar wanda ake gwadawa da ∂M/∂y = ∂N/∂x da wanda ake sauya y da vx. Ba dole ne a ba su lokaci daidai wa daida ba. Wanda ya fi fitowa a takardun baya shi zai ci kaso mafi girma.

Rana ta huɗu da ta biyar na mataki na biyu ne. A tambaya irin y'' − 5y' + 6y = 0, aikin ya koma warware r² − 5r + 6 = 0, wanda ke ba da r = 2 da r = 3, amsar kuma ta zama y = A·e^(2x) + B·e^(3x). Ɗalibi ya tabbata ya gwada hali ukun: saiwoyi biyu mabambanta, saiwa ɗaya da ta maimaitu, da saiwoyin da ke kai wa ga sin da cos. A rana ta biyar sai ya sa wani abu a gefen dama. Tarkon da ke nan shi ne, idan gefen dama e^(2x) ne, zaton farko na K·e^(2x) zai ba da sifili, domin yana cikin amsar da aka riga aka samu. Ganin sifilin nan alama ce ta a ninka zaton da x. Da K·x·e^(2x) lissafin zai fita, K ta zama −1.

Rana ta shida ta gwajin kai ce. Ɗalibi ya ɗauki takardar shekarar baya guda wadda bai warware ba, ya rufe littafi, ya sa agogo gwargwadon lokacin jarrabawar. Bayan ya gama sai ya kasa kurakuransa gida uku: na rashin gane nau'i, na integireshan, da na alamar ragi ko C da aka manta. Rana ta bakwai ba ta sabon babi ba ce. Ya sake warware tambayoyin da ya faɗi kaɗai, ya rubuta alamar kowane nau'i da matakinsa na farko a shafi ɗaya, sannan ya kwanta da wuri.

Tsarin yana da iyakarsa. Bita ce ga wanda ya taɓa ganin darasin, ba koyarwa ba ce ga wanda bai taɓa buɗe shi ba. Idan kuma manhajar sashen ta haɗa da hanyar Lafalas, sai a rage lokacin rana ta uku a ba ta. Wanda aiki ya cinye masa rana guda, kada ya sadaukar da rana ta biyu ko ta huɗu ko ta shida, domin sauran kwanakin a kansu suka dogara.