Tabon Kurkur da Kori a Roba da Farin Tufa

Launin rawayan da kurkur ke bari a robar abinci ko a gaban farar riga yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira kurkumin, wanda ke cikin saiwar kurkur, wato gangamau. Garin kori ma daga nan yake samun launinsa, domin kurkur na cikin manyan kayan da ake haɗa shi da su. Kurkumin ɗin da ke cikin garin kurkur bai taka kara ya karya ba, yawanci kashi 2 zuwa 5 ne cikin ɗari, amma rini ne mai ƙarfi, har a Indiya an daɗe ana rina yadi da shi. Halayensa uku ne ke nuna yadda za a fitar da shi: ba ya narkewa a ruwa, yana narkewa a mai, kuma ba ya jure hasken rana.

Halin farko shi ne dalilin da ya sa ɗauraya da ruwa zalla ba ta taɓuka komai. Na biyu kuwa shi ke bayyana yadda tabon yake kama jiki. A cikin tukunya kurkumin yana narkewa a man gyaɗa ko manjan da aka yi girki da shi, sai man ya ɗauke shi ya shigar da shi duk inda ya iya shiga. Saboda haka kowane tabon kori tabo biyu ne a haɗe, akwai maiƙo, akwai launi. Idan aka bi launin alhali maiƙon na nan, aikin ba ya ci, domin maiƙon yana tare ruwan wankin, ya hana shi kaiwa ga rinin. Ana fara fitar da maiƙo, sannan a koma kan launi.

Akwai wani abu da ke tsorata mai wanki a karon farko. Da zarar sabulu ko omo ya taɓa tabon, sai rawayan ya rikiɗe ya koma ja, wani lokaci ja mai duhu kamar ruwan goro. Wannan ba alamar ɓaci ba ce. Kurkumin yana sauya launi ne gwargwadon abin da ya haɗu da shi. A cikin abu mai tsami, irin ruwan lemun tsami, rawaya ne mai haske, a cikin abu mai kanwa-kanwa kuma, irin sabulu da toka da ita kanta kanwar, sai ya zama ja. Da wannan hali ne mutanen Indiya ke haɗa jan garin da suke ɗigawa a goshi, su cakuɗa kurkur da ruwan farar ƙasa. A wurin wanki jan ma alheri ne, domin a wannan yanayi kurkumin ya fi narkewa a ruwa, ya kuma fi saurin lalacewa. Idan aka ɗauraye sabulun, abin da ya rage zai koma rawaya mai rauni.

Daga nan ake gane iyakar lemun tsami, wanda mutane da yawa ke garzayawa gare shi. Idan aka matsa shi a kan tabon da sabulu ya mayar ja, jan yakan ɓace nan take, sai a ɗauka an yi nasara. Rinin yana nan daram, launinsa ne kawai ya koma na asali. Lemun tsami yana da amfani wajen kashe ƙarnin roba, amma ba shi ne maganin kurkur ba.

A ɗauki misalin farar shadda ta auduga da miyar kori ta ɗiga a gabanta wajen cin abincin biki. Abu na farko shi ne a kwashe abin da ya zuba da bakin cokali, a ɗaga shi sama, kada a goge. Goga da tsumma ko da yatsa yana faɗaɗa tabon, ya cusa man cikin zare. Idan ba halin wanki a lokacin, a barbaɗa garin sitaci ko hodar jiki a wurin, a bar shi minti 15 ya tsotse maiƙon, a kakkaɓe. Da an isa gida sai a juya rigar, a zuba ruwan sanyi ta bayan tabon, domin ruwan ya tura dattin waje ta hanyar da ya shigo. Sannan a ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, kamar rabin ƙaramin cokali, a murza a hankali da yatsa daga gefen tabon zuwa tsakiya. An zaɓi sabulun wanke-wanke ne saboda don maiƙo aka yi shi. A bar shi minti 10 zuwa 15, a ɗauraye, a maimaita. Bayan haka a jiƙa rigar cikin ruwan omo na rabin awa, a wanke yadda aka saba.

A wannan matakin yawanci akwai sauran rawaya, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane tsada, wato a shanya rigar a inuwa, a kai ta guga ko bugu. Zafin dutsen guga yana gasa ragowar man a cikin zare, ya bar tabon da ke da wuyar fita. Haka ma sa bula a kan wurin da bai fita ba, shuɗi a kan rawaya yakan ba da wani kore-kore maras kyan gani. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗa rigar da danshinta a tsakiyar rana, wurin tabon yana kallon sama. Haske yana karya kurkumin, ya mayar da shi wasu sinadarai marasa launi. A rana mai ƙarfi irin ta bazara, tabon da bai daɗe ba yakan dushe cikin 'yan awoyi. Idan wurin ya bushe alhali da sauran launi, a yayyafa ruwa a bar shi. Tsohon tabo kan nemi kwana biyu ko uku na wanki da shanya. Ƙasar Hausa ba ta rasa rana, kuma babu wani magani na kanti da ya fi ta sauƙi a kan zaren tufa.

Za a iya gane abin da ya rage ta hanyar duba wurin bayan ya bushe. Idan rawaya ne mai haske, saura kurkumin, rana ce maganinsa. Idan kuma wurin ya yi duhu kamar jiƙaƙƙe alhali a bushe yake, saura maiƙo, sai a koma kan sabulun wanke-wanke.

Idan rana ta gaza, ko damina ta hana, akwai ruwan haidirojin da ake sayarwa a kemis don wanke ciwo. Mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari ake so, idan mai kashi 6 ne a sirka shi da ruwa daidai wa daida. A ɗiga a wurin, a bar shi minti 20 zuwa 30, a ɗauraye. Ya fi bilic sauƙi a kan yadi, amma duk da haka a fara gwada shi a cikin kalmasa idan tufar tana da ɗan launi, kamar ruwan madara ko shuɗi mai haske. Bilic kuwa na farar auduga ne zalla: babban cokali ɗaya a litar ruwa, minti 5 zuwa 10, sannan ɗauraya mai yawa. Ba a sa shi a siliki, ko ulu, ko yadi mai talewa, domin yana cin zarensu, ya bar rawayan da ba ya fita har abada. Rigar da ke da aiki a wuya ma a yi hattara, zaren aikin na iya kasa jure abin da yadin ya jure. Atamfa da sauran masu launi ba sa son doguwar shanya a rana, sai a rufe sauran jikin da wani ƙyalle, a bar wurin tabon kaɗai a buɗe.

Lamarin roba ya ɗan bambanta. Yawancin robobin ajiyar abinci ana yin su da wani nau'in roba da ake gane shi da lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku da ke ƙarƙashinsu, wani lokaci da haruffan PP. Wannan roba dangin mai ce, domin daga man fetur aka samo ta, kuma tana shan maiƙo kaɗan-kaɗan. Idan aka zuba abinci da zafinsa aka rufe, robar takan ɗan saki, man ya ratsa fatarta ɗauke da launin. Shi ya sa tabon ya fi ƙarfi a layin da miya ta tsaya, inda mai ke taruwa a sama. Launin a cikin jikin robar yake, ba a kanta ba, saboda haka dirza da soson ƙarfe ba ya kai gare shi. Abin da soson ke yi shi ne ya kakkarce robar, ya buɗe wa tabon gaba wurin zama.

Ga robar da aka ajiye shinkafa mai kori a ciki ta kwana, a fara share maiƙon da takarda ko tsumma kafin ruwa ya taɓa ta. A wanke da sabulun ruwa da soso mai laushi cikin ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. A shafa yatsa a ciki, idan akwai santsi, a sake wankewa. Akwai dabarar da ke ba wasu mamaki, wato a shafa ɗan man gyaɗa mai tsabta a kan tabon, a bar shi rabin awa, a goge. Sabon man yana jawo wani ɓangare na kurkumin ɗin da ke kusa da fatar robar, sai a wanke shi da sabulu. Daga nan a ajiye robar a rana, bakinta a buɗe yana fuskantar hasken, murfin ma a gefe, cikinsa a sama. Yini ɗaya ko biyu yakan isa. Kada a mance da ita a waje mako da mako, domin rana mai yawa tana busar da irin wannan roba har ta fara tsagewa.

Tabon da ya ƙi rana sai a cika robar da ruwan bilic, babban cokali ɗaya a lita, a bar shi rabin awa, a zubar, a wanke da sabulu, a ɗauraye har warin ya tafi. Ba a haɗa bilic da lemun tsami, ko binega, ko wani ruwan wanke banɗaki, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Idan an riga an sa lemun tsami, a ɗauraye sosai tukuna. Kular da cikinta ƙarfe ne ba ta buƙatar bilic, yana ma iya cin ƙarfen, sabulu ya ishe ta. Farantan melamin, masu tauri da ƙyalli, su ma bilic yana dusashe fuskarsu, gara a bar su da sabulu da rana.

Robar da ta yi shekaru tana ɗaukar miya ba za ta koma fara fat ba. Ragowar rawayan ba ƙazanta ba ne, kuma ba ya cutarwa, tunda kurkumin abin ci ne. Wadda ta cancanci a daina sa mata abinci ita ce wadda cikinta ya kakkarce, ya yi kaushi, ko take riƙe ƙarni bayan wanki, domin ba ta wankuwa yadda ya kamata. Sabuwar roba kuwa tana daɗewa da haskenta idan aka bar abinci ya huce kafin a zuba, aka kuma wanke ta da zarar an juye. A gidan da ake yawan girki da kori, ya fi sauƙi a ware roba ɗaya ko biyu don shi kaɗai, abinci mai zafi kuma a zuba shi a kwanon silba ko na tangaran.