Albashin da Aka Faɗa da Wanda Ke Shiga Asusu

Takardar albashi tana ɗauke da adadi biyu: jimillar albashi kafin a cire komai, da ragowar da ke shiga asusun ma'aikaci. Galibin masu ɗaukar aiki na farkon suke ambatawa, domin ya fi daɗin ji.

A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma ya ƙara kashi 10. Sai dai ba lallai ne a lissafa a kan jimillar albashi ba. Mafi ƙaranci, a kan albashin tushe ne haɗe da alawus na gida da na sufuri.

Misali, an yi wa Malama tayin naira 200,000 a wata, kuma waɗannan sassa uku sun kama 150,000. Za a cire mata 12,000, wurin aikinta ya zuba 15,000 daga aljihunsa. Idan takardar ta nuna an zare 27,000 daga albashinta, to an ɗora mata kason da ba nata ba ne, ko kuma tun farko an cusa shi cikin jimillar don tayin ya kumbura. Wannan dabara ta yawaita, shi ya sa ake tambaya kafin sa hannu.

Haraji kuwa, wanda takardar ke nunawa da PAYE, ana lissafa shi bayan an cire kuɗin fansho, kuma hawa-hawa ne: ƙarin albashi ba ya jefa dukkan kuɗin cikin mataki mai tsada, sai abin da ya haura iyaka.