Daren farko, da wuyan da ya karkace

Ranar da ta fara aikin dare a sashen masu taɓin hankali da ciwonsu ya tashi, sabuwar nas ta tarar da wani saurayi, leburan kamfanin fata a Challawa. Da yamma an yi masa allurar haloperidol saboda fisge-fisge. Wajen ƙarfe 2 sai wuyansa ya karkace, harshe ya zazzago, idanu suka kafe sama.

"Aljanu ne!" in ji yayansa. Ita kuwa ta ɗauka farfaɗiya ce.

"Kira sunansa, ƙanwata," in ji babbar sista. Ta kira, ya matse mata hannu.

"Kin gani? Yana jin ki, ba farfaɗiya ba ce. Allurar ce ta ɗaure masa jijiyoyi, samari ta fi yi wa haka. Saurari numfashinsa, in ta kama maƙogwaro tana kisa."

Likita ya rubuta allurar biperiden. Kafin rabin awa wuyan ya saki, ya nemi ruwa.