Animatik: Gwada Lokacin Fim ɗin Katun Kafin a Fara Zanen Ƙarshe

Animatik ɗan bidiyo ne da ake haɗawa daga zane-zanen allon labari, a jera su ɗaya bayan ɗaya, a yanka wa kowane zane lokacin da zai ɗauka a fuskar allo, sannan a ɗora murya da sauti na wucin gadi. Allon labari, wanda masu sana'ar ke kira sitoribod, yana nuna abin da za a gani da inda kyamara za ta tsaya, amma ba ya nuna tsawon lokaci. Mai duba shi a takarda yana iya tsayawa kan zane ɗaya har ya gamsu, alhali mai kallon fim ba shi da wannan dama. Wannan giɓi shi animatik ke cikewa. Dabarar ta samo tushe a kamfanin Disney cikin shekarun 1930, inda ake ɗaukar zanen a fim a haska shi tare da sauti, ana kiran abin Leica reel.

Dalilin yin sa lissafi ne. Fim ɗin silima yana tafiya da firam 24 a kowace daƙiƙa, talabijin kuwa a Najeriya da yawancin ƙasashen Turai firam 25. A katun na zanen hannu an saba barin zane ɗaya ya zauna firam biyu, wato zane 12 ke nan a daƙiƙa. Idan sai bayan an gama aiki aka gano cewa wata fitowa ta yi tsawo da daƙiƙa uku, an yi asarar zane 36 da aka tsabtace aka shafa wa launi. A matakin animatik, gyaran nan bai wuce jan gefen hoto ɗaya a manhajar tacewa ba.

Aikin yana farawa da raba allon labari zuwa hotuna ɗaiɗai, kowanne da lambar fitowa da ta zane, kuma da faɗi da tsayi irin na fim ɗin da za a fitar. Sai a shigar da su manhaja. Storyboard Pro ta kamfanin Toon Boom don wannan aiki aka yi ta, amma Premiere Pro da DaVinci Resolve da Blender duk suna wadatarwa. Tun kafin a ɗora hoton farko ake tsayar da adadin firam a daƙiƙa, domin sauya shi daga baya yana rikita duk lissafin da aka yi. Inda akwai magana, murya ake fara shimfiɗawa, hotuna su biyo ta. Galibi ma'aikatan kamfanin ne ke karanta maganganun kafin a ɗauko 'yan wasa na gaske, kuma sharaɗin kawai shi ne su yi magana da saurin da ake so a fim ɗin.

A ɗauki fitowa mai daƙiƙa goma, wato firam 240, da zane shida: yaro ya shiga kicin, ya ɗaga murfin tukunya, an nuna cikin tukunyar babu nama, an nuna fuskarsa, an nuna kyanwa tana lashe baki, yaron ya bi ta da gudu. Manhaja takan ba kowane hoto lokaci iri ɗaya, a nan firam 40. Da an kunna za a ga labarin ya fito, amma ba ya ba da dariya, saboda shigowar yaro, wadda ba ta ɗauke da wani labari, ta ci lokaci daidai da bayyanar ɓarauniya.

Gyaran yana bin abin da mai kallo ke bukata ya fahimta a kowane zane. Shigowa ta koma firam 30, ɗaga murfi 28. Cikin tukunya ya sami 36, domin ido yana bukatar ɗan lokaci kafin ya gane cewa rashin abu ake nuna masa. Fuskar yaron ce ke da aiki biyu, mamaki da kuma zargi, kuma zane ɗaya ba zai ɗauke su ba, don haka sai a ƙara wani: firam 20 na zare ido, 30 na juya kai a hankali zuwa gefe. Wannan jinkirin shi ke sa mai kallo ya fara tambayar kansa me yaron ya gani. Kyanwa ta sami firam 60, daƙiƙa biyu da rabi, saboda a kanta dariyar take, kuma dole a bar wa jama'a sarari su yi ta. Gudun ƙarshe ya tashi da 36. Jimilla tana nan 240, sai dai zane shida sun zama bakwai. Haka abin yake kusan kullum: animatik yana tona inda allon labari ya tsallake wani motsi, har a koma wurin mai zane.

Akwai abin da ya zama sananne a wajen masu tacewa: hoton da ya ɗauko fili mai faɗi da mutane da yawa ya fi bukatar lokaci a kan hoton fuska ɗaya, kuma idan abin kallo ya tsallaka daga wannan gefen allo zuwa wancan tsakanin hoto da hoto, ido yana ɓata wasu firam yana nemansa. Motsin kyamara ma ana gwada shi a nan, ta hanyar jan zane mai faɗi daga gefe zuwa gefe ko matso da shi kusa.

Sai dai animatik yana iya yaudarar mai shi. Wanda ya zana labarin ya riga ya san abin da ke cikin tukunya, don haka firam 12 ma sun ishe shi, kuma yakan yanke komai ya yi gajarta. Maganin wannan shi ne a nuna wa wanda bai san labarin ba, kada a yi masa bayani, bayan ya gama a ce ya faɗi abin da ya faru. Inda ya kuskure, ko dai lokaci ya yi kaɗan ko zanen bai fito ba. Kiɗan aro ma yana rufe aibi, shi ya sa ya kamata a kalli aikin sau ɗaya a kashe sauti. Haka kuma zanen da ke tsaye yana saurin gundurar ido fiye da mai motsi, har mai tacewa ya rage lokacin da motsin gaske zai bukata. Idan an yi shakka, sai mutum ya tashi ya aikata motsin da jikinsa ana auna shi da agogo.

Wani lokaci abin da ya lalace ya fi ƙarfin lissafin firam. A watan Nuwamba na 1993 kamfanin Pixar ya nuna wa shugabannin Disney irin wannan gwaji na fim ɗin Toy Story, aka ga jarumin fim ɗin, Woody, ya fito mugu marar daɗin hali. Aka dakatar da aikin, aka sake gina labarin, fim ɗin ya fito a 1995.

Idan darakta ya amince, sai a kulle animatik, wato a daina taɓa tsawon fitowa. Daga nan ake fitar da jerin da ke nuna lambar kowace fitowa da yawan firam ɗinta, a raba wa masu zane da mai kiɗa. Duk fitowar da aka kammala, sai a cire zanen wucin gadi a saka ta a gurbinsa. Idan muryar ɗan wasa ta zo da sauri ko jinkiri fiye da ta gwaji, ana sake auna fitowar kafin a miƙa ta ga mai zane, domin a kan muryar ƙarshe ake daidaita motsin baki.