Bangon da ke tare iska a cikin bututu

Jirgin Concorde, wanda ya yi jigilar fasinja daga 1976 zuwa 2003, yana gudu ninki biyu na gudun sauti, wato Mak 2. Amma injinsa ba ya iya shan iskar da ta zo da irin wannan gudu. Dole a rage mata ƙarfi a cikin bututun da ke gaban injin, kuma a nan ne ake gamuwa da abin da injiniyoyi ke kira nomal shok.

Iskar da ke tafiya a hankali tana samun labarin cikas tun daga nesa, domin canjin matsi yana komawa baya da gudun sauti, sai ta rage gudu sannu a hankali. Wadda ta fi sauti gudu kuwa labarin ba ya iso mata. Sai ta yi karo da wani siririn bango na matsi da ya gitta bututun, wanda kaurinsa bai ko kusa da na silin gashi ba. Mai wanke-wanke ya san irinsa: ruwan famfo yana bazuwa a kan faranti siriri da sauri, sai a wata da'ira ya kumbura, ya koma tafiya a hankali.

Abubuwa uku ba sa canzawa a tsallaken bangon: yawan iskar da ke wucewa, jimillar matsi da ƙarfin tunkuɗa, da jimillar makamashi. A kansu William Rankine a 1870 da Pierre-Henri Hugoniot a 1887 suka gina lissafin. Ga iskar da muke shaƙa, lambar Mak ta gaban bangon kaɗai ake buƙata:

```
M2² = (M1² + 5) / (7·M1² − 1)
p2/p1 = (7·M1² − 1) / 6
V1/V2 = 6·M1² / (M1² + 5)
T2/T1 = (p2/p1) / (V1/V2)
```

A nan p matsi ne, V gudu, T zafi. 1 gaban bangon, 2 bayansa.

Mu ɗauki iska a sama, wajen kilomita 16, inda matsi yake kusan kilofaskal 10, sanyi kuma digiri 56 ƙasa da sifili, wato Kelbin 217. A wannan sanyi sauti na yin mita 295 a daƙiƙa, don haka Mak 2 mita 590 ne. A ce ta shiga bututu ta faɗa wa bango guda kai tsaye. Layi na biyu ya ba da 27 a raba da 6, wato 4.5, matsi ya tashi zuwa kilofaskal 45. Layi na uku ya ba da 24 a raba da 9, wato 2.67, gudu ya faɗi zuwa mita 221. Zafi kuma ya ninka sau 1.69 ya kai Kelbin 366, kimanin digiri 93. Iskar da ke daskarar da ruwa ta kusa tafasa shi, a tazarar da ido ba ya gani.

Wuri biyu ɗalibai ke tuntuɓe. Na farko, sa digirin Salshiyos a maimakon Kelbin, wanda ke ba da amsa marar kan gado. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Layin farko ya nuna Mak ta sauka daga 2 zuwa 0.577, sai mutum ya ninka wannan da 295 ya samu mita 170. Ya manta iskar ta yi zafi, kuma sauti ya fi gudu a iska mai zafi: a bayan bangon mita 383 yake yi. Hanyar gane kuskure ita ce a duba zafin da iskar za ta kai in an tsayar da ita cik, wato `T·(1 + 0.2·M²)`. Dole ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma a misalinmu Kelbin 391 ne gaba da baya.

A ganina lambar da ta fi muhimmanci ba ta cikin waɗannan ukun. Matsi ya ƙaru, gaskiya ne, amma da an tsayar da iskar lami lafiya da ta ba da fiye da haka. A Mak 2 bango guda yana cinye kashi 28 cikin ɗari na matsin da injin zai iya mora, kuma ba ya dawowa. A Mak 3 asarar ta kai kashi biyu cikin uku. A Mak 1.3 kuwa kashi 2 ne kacal. Shi ya sa masu ƙera Concorde ba su bar iskar ta faɗa wa bango guda ba. Sun sa faifai masu motsi a rufin bututun, waɗanda ke haifar da karkatattun bangaye marasa ƙarfi, su rage gudun kaɗan-kaɗan, ta yadda bango na ƙarshe zai zama mai rauni.

Riƙe shi a wurinsa ma aiki ne. Idan injin ya rage shan iska ba zato, matsin baya ya ƙaru, sai ya ture bangon waje da bakin bututun, iska ta zube ta gefe, ƙarfin injin ya faɗi nan take. Matuƙan jirgin SR-71 na Amurka sun sha fama da wannan: in ya faru a inji ɗaya, jirgin yakan fizga zuwa wannan gefen da ƙarfi.