Hausa a Hagu, Turanci a Dama: Yadda Ake Daidaita Sanarwa

A shagunan buga takardu na Kano da Kaduna, sanarwar taron iyaye da malamai aiki ne na yau da kullum. Makaranta takan so Hausa da Turanci a takarda ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Sau da yawa sai a ga farkon ya daidaita, amma kafin a kai ƙasa, ranar taro ta Hausa tana kallon sa hannun shugaban makaranta na Turanci.

Dalilin ba boyayye ba ne: harsunan biyu ba sa cin wuri iri ɗaya. Jimlar da Turanci ya gama a layi biyu, Hausa kan kai uku. Mai buga takarda sai ya yi ta danna Enter yana cike giɓi da ido, kuma da zarar an ƙara kalma ɗaya ko an sauya girman rubutu, aikin ya wargaje. Columns na Microsoft Word ma ba ya magance wannan, domin an yi shi ne don rubutu ya kwarara daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi irin na jarida.

Maganin shi ne tebur, ta Insert sannan Table, mai ginshiƙi biyu. Sai dai sirrin yana cikin jeri: kowane sakin layi da nasa. Sanarwar taron nan za ta ci jeri shida: kanu, gaisuwa, rana da lokaci, wurin taro, abin da za a tattauna, sai sa hannu. Tsawon kowane jeri yana bin ɓangaren da ya fi yawan rubutu, don haka ko Hausar ta zarce da layi guda, jeri na gaba zai fara daidai a ɓangarorin biyu. Wanda ya zuba sanarwar duka cikin jeri ɗaya bai tsira daga komai ba.

Faɗi ma ba dole a raba shi daidai ba. Takardar A4 santimita 21 ce. Idan aka bar biyu-biyu a gefe, saura 17. A ba Hausa 9, Turanci 8, sai fararen giɓin su ragu. Daga nan a zaɓi Fixed Column Width a ƙarƙashin AutoFit don kada ginshiƙan su riƙa motsi. In sanarwar za ta wuce shafi ɗaya, a shiga Table Properties a cire alamar Allow row to break across pages.

Masu son takarda marar zane sai su zaɓi No Border. Teburin yana nan, layukansa ne kawai ba za su fito ba.

Abu na ƙarshe shi ne ɓ, ɗ da ƙ. Idan salon rubutun ba shi da su, Word kan aro daga wani salon, sai harafin ya fita dabam, wani lokaci har tazarar layin ta ƙaru. Charis SIL da Andika suna da su duka. Kafin a kai wa mai inji, a adana aikin a matsayin PDF, domin kwamfutarsa ba lallai ta kasance da salon ba.