Hannu uku a kan takarda ɗaya

A ɗauka sakataren wata ƙungiya ya rubuta rahoton shekara a Microsoft Word, ya tura wa shugaba da ma'aji lokaci guda. Ma'aji ya mayar da naira 450,000 zuwa 540,000 a sakin layi na uku. Shugaba kuwa, a nasa kwafin, ya share sakin layin ɗungurungum. Yanzu rahoton ya zama uku, kuma babu wanda ya san wanne ne na gaskiya.

Maganin farko shi ne a kunna Track Changes da ke ƙarƙashin Review, ko a danna Ctrl+Shift+E, tun kafin takarda ta bar hannun mai ita. Daga nan duk abin da aka share zai fito da layi a kansa, abin da aka ƙara kuma a ja masa layi a ƙasa, da sunan wanda ya yi. Sai dai sunan daga kwamfuta ko asusun mai shiga Word yake fitowa. In mutum biyu suka yi aiki da suna ɗaya, kamar yadda ake yi a shagon buga takardu, gyaransu zai gauraye.

Amma wannan kaɗai ba ya hana karo. Abin da ke hanawa shi ne a bi layi: ma'aji ya gama, ya miƙa wa shugaba wannan kwafin, sannan ya dawo wurin sakatare. Shi kaɗai ke da ikon danna Accept ko Reject, kuma sai ya warware gyaran zagaye na farko kaf kafin a buɗe na biyu. In aka bar gyara ya hau kan gyara, zuwa zagaye na uku shafin ya zama dambu, ba mai iya karanta jimla ɗaya.

Shugaban ma bai kamata ya share sakin layin wani ba. Abin da yake da ja a kai, tsokaci zai manna masa da New Comment: "Malam, wannan adadi bai dace da na shafi na biyu ba." Ma'aji ya amsa a ƙasa, in an daidaita a danna Resolve.

To in kwafin sun riga sun rabu fa? A cikin Compare akwai Combine, mai haɗa kwafi biyu a lokaci guda, kowane gyara da sunan mai shi. Ba ya yanke hukunci, sai mutum ya zauna ya zaɓa.

Tarkon ƙarshe shi ne No Markup. Yana nuna shafi fes, alhali ɓoye gyaran kawai ya yi, wanda aka tura wa zai iya ganin komai har da tsokacin cikin gida. Kafin rahoto ya fita, a koma All Markup a tabbatar babu saura.